Abin da Kyamara Ba Ta Gani Ba: Faɗaɗa Hoto da Photoshop a Sakkwato

Akwai wata buƙata da kusan kullum take zuwa teburin masu haɗa hoto a birnin Sakkwato, ko a shagunan buga bana ko a ɗakunan ɗaukar hoto. Mutum zai kawo hoto a waya, an ɗauke shi a tsaye, ya ce a mayar masa da shi bana mai faɗi ta walimar saukar Alƙur'ani, ko ta ɗaurin aure, ko ta taya wani murnar naɗin sarauta. Hoton dogo ne, bana kuwa kwance take. A da hanya biyu ce. Ko dai a yanke hoton sama da ƙasa har ya shiga siffar da ake so, a rasa hula ko takalmi, ko kuma a bar shi yadda yake a cike gefe da gefe da launi da furanni. Wasu ma jan hoton suke yi ta gefe, shi ya sa ake ganin ango a jikin bana ya yi ƙibar da ba tasa ba. Tun shekarar 2023 hanya ta uku ta samu: a buɗe filin hoton ya zarce iyakarsa, a bar manhajar Photoshop ta zana abin da ya kamata a ce yana wurin. Hanyar tana aiki, wani lokaci har ta ba mutum mamaki. Sai dai duk abin da ta zuba a sabon filin zato ne, kyamara ba ta taɓa ganinsa ba. Saboda haka tambayar da ta kamata mai aiki ya fara yi wa kansa, tun kafin ya taɓa linzami, ita ce: mene ne gefen hoton nan ya yanke?

Kamfanin Adobe ya fara fitar da Generative Fill a matakin gwaji a watan Mayun 2023, ya biyo da Generative Expand a watan Yuli, sannan duka biyun suka shiga Photoshop na kowa da kowa a watan Satumba na shekarar. Injin da ke ƙarƙashinsu shi ne Firefly, wata ƙirƙirarriyar basira da kamfanin ya ce ya horar da ita da hotunan rumbunsa na Adobe Stock da waɗanda aka sake wa jama'a amfani da su. Yana da kyau a bambanta wannan da Content-Aware Fill, wanda ya zo tun 2010 kuma tsofaffin hannu suka saba da shi. Shi wancan ɗebo yake yi daga cikin hoton ya liƙa a gurbin da babu komai, kamar tela mai yanko ƙyalle daga cikin riga ya toshe huda. Abin da ya liƙa, komai muninsa, daga hotonka ya fito. Sabon kuwa aika ɓangaren hoton yake yi ta intanet zuwa kwamfutocin Adobe, a can a duba abin da ke kusa da gefen, a ƙago ci gaban da ya fi kama da abin da injin ya saba gani a miliyoyin hotuna, a dawo maka da shi. Wannan ne dalilin da ya sa ba ya aiki in babu intanet, ba ya aiki in ba a shiga da asusun Adobe ba, kuma kwafin manhajar da aka sauke ta bayan gida, wanda ba ɓoyayyen abu ba ne a shagunanmu, ba ya iya shi.

Matakan ba su da yawa. Ana danna C a ɗauko Crop Tool, a kama gefen firam ɗin a ja shi waje har filin ya kai girman da ake so, a tabbatar an zaɓi Generative Expand a gurbin Fill da ke sama, sannan a danna Generate. Wanda yake son ya riƙe linzamin aikin da kyau yakan bi ta Image > Canvas Size ya rubuta adadin da yake so da hannunsa, ya ɗauko Rectangular Marquee Tool ya zaɓi filin da babu komai, ya ɗan shigar da zaɓin cikin hoton asali da fiksel ashirin zuwa hamsin, sannan ya kira Generative Fill. Wannan ɗan shigarwa ita ce ke hana wani siririn layi fitowa a mahaɗa. Ko ta wace hanya aka bi, sakamako uku ne ke dawowa a zaɓi ɗaya, kuma suna sauka a kan leya ta daban mai nata mayafin, hoton asali yana ƙasa ba a taɓa shi ba. Akwai akwatin da ake rubuta abin da ake so, amma wajen faɗaɗa hoto barinsa fayau ya fi ba da sakamako mai tsabta, domin duk sunan da ka ambata gayyata ce: wanda ya rubuta cewa kada a sa mutane, sau da yawa mutanen yake samu. Masu aikin ɗab'i kuma su lura da cewa umarnin ba ya aiki a fayil ɗin da ke CMYK. A gama faɗaɗawa a RGB tukuna, juyawa ta zo daga ƙarshe.

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi da lissafi. Hoton ɗalibi ne mai sauka, an ɗauke shi da waya a tsakar gida, faɗinsa fiksel 3000, tsayinsa 4000. Ana son bana mai faɗin ƙafa 6 da tsayin ƙafa 4. In tsayin hoton zai cika tsayin banar, dole faɗinsa ya zama 6000, wato a ƙara 1500 a dama, 1500 a hagu. Tun a nan ya kamata mutum ya ɗan tsaya, domin rabin abin da jama'a za su gani a wurin walima ba hoto ba ne, zanen inji ne. Sai kuma maganar kaifi. Lokacin da Generative Fill ya fito, iyakar abin da yake ƙagowa a bugu ɗaya fiksel 1024 ne a kowane gefe. In filin da aka zaɓa ya fi haka, sai ya zana ƙarami ya buɗa shi ya cike gurbin. Sababbin fitowa sun ɗaga wannan iyaka, amma ba su kawar da ita ba. A misalinmu, tsiri mai tsayin 4000 da aka cike a bugu ɗaya da waccan tsohuwar iyaka an buɗa shi kusan ninki huɗu. Ƙafa 4 inci 48 ce, don haka hoton asali zai fita da fiksel kusan 83 a kowane inci, wanda ya wadatar ga bana da ake kallo daga nesa kaɗan, gefen da aka ƙago kuwa zai fita da kusan 21. A fuskar waya ba za a ga bambancin ba. A jikin bana, tsakiya za ta fito garau, gefe ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa man kaɗanya.

Maganin wannan sananne ne, sai dai yana cin lokaci. Ana sa Style na Rectangular Marquee Tool a kan Fixed Size, a ba shi 1024 da 1024, a riƙa cike filin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana ɗan hawa kan wadda ta gabace ta, ana farawa daga jikin hoton ana yin waje. Tsiri mai faɗin 1500 da tsayin 4000 zai ci aƙalla gunduwa takwas, gefe biyu goma sha shida, ban da waɗanda za a sake saboda ba su yi ba. Kowane bugu yana cin data, yana kuma iya taɓa kason da Adobe ke ware wa mai asusu a wata, gwargwadon irin rajistar da ya biya. Mai shago da ke aiki da janareta ya san abin da minti talatin ke nufi a kuɗin mai. Idan kuwa hoton na sitatus ɗin WhatsApp ne kawai, mai 1080 da 1920, duk wannan wahala ba ta taso ba: a rage girman hoton tukuna, sannan a faɗaɗa, bugu ɗaya ko biyu ya isa. Haka nan wanda ya ɗauki hoto da babbar kyamara mai 6000 da 4000 yana son sa shi a firam na inci 8 da 10, abin da yake buƙata ƙarin fiksel 800 ne kacal a gajeren gefen, kashi ɗaya cikin shida na sabon hoton, kuma yawanci sama ce ko daɓe. Wannan shi ne aikin da umarnin ya fi dacewa da shi.

Gane inda aka yi ɗinki ba ya buƙatar wata na'ura. A danna Ctrl+1 a kalli hoton a ainihin girmansa, a bi mahaɗar daga sama har ƙasa. Hoton waya, musamman na cikin ɗaki ko na bayan magariba, yana da ɗan tsakin yashi a jikinsa, abin da inji ya zana kuwa sumul yake. Ana daidaita su da Filter > Noise > Add Noise a kan sabuwar leyar kaɗai, kaɗan-kaɗan har ido ya kasa raba su. Layukan da suke miƙe su ne na biyu wajen tona asiri: wayar lantarki da ta karye a iska, layin tayil da ya sauya hanya, saman katanga da ya gangara ba dalili. Sai inuwa. Rana ɗaya ce a hoton asali, in inuwar yaron ta faɗi hagu ta bishiyar da aka ƙago ta faɗi dama, an kama. Akwai kuma abin da ya shafi garinmu musamman. Sararin samaniyar Sakkwato a lokacin hunturu fari-fari ne mai hazo, inji kuwa ya fi sabawa da shuɗi, don haka yakan fara da kalar da ya tarar a gefe ya riƙa zamewa zuwa shuɗi yayin da yake nisa. Wanda ya ɗora Levels na ɗan lokaci ya matse haske da duhu sosai zai ga wannan zamewa ta fito fili, ya gyara, ya goge leyar gwajin.

Duk waɗannan kurakurai ne na sana'a, kuma hannu mai haƙuri yana maganinsu. Wanda ba ya gyaruwa shi ne wanda ke faruwa idan gefen hoto ya yanke abu mai ma'ana. Katangar siminti, yashi, labule, sama: ci gabansu ɗaya ne ko ina, zato da gaskiya ba su da nisa. Amma a ce gefen ya raba ƙirjin babbar riga gida biyu. Aikin da ke ƙirjin riga yana da suna da tsari, aska biyu daban, aska takwas daban, kuma mai ɗinki a kasuwa zai gane kuskure daga nesa. Injin bai san wannan ba, zai ci gaba da wani zane mai kama da ado wanda ba a taɓa ɗinka irinsa ba. Rawani ya fi haka haɗari, domin naɗinsa magana ce: yana faɗin ko wane ne mutum da inda ya tsaya a fada. In saman hoton ya yanke rawani aka bar inji ya ƙarasa, yana iya naɗa wa basarake abin da ba nasa ba, ko ya ɗora masa naɗin wata ƙasa can daban. Mafi muni shi ne rubutu. Allon da ke hannun mai sauka, ko ayar da aka rataye a bangon falo, in gefen hoto ya yanke su, abin da zai fito a ci gaban wasu ƙwanƙwasai ne masu kama da haruffan Larabci waɗanda ba sa karantuwa. A garin Shehu, inda yaro ɗan shekara goma zai iya tsayawa gaban bana ya yi ƙoƙarin karanta abin da ke jikin allon, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Haka abin yake ga wuraren da kowa ya sani. Wanda ya tsaya gaban Fadar Sarkin Musulmi, ko ƙofar Hubbare, ko Masallacin Sultan Bello, aka ɗauke shi hoto a matse, sannan aka faɗaɗa, zai sami gini a dama da hagu wanda ya yi kyau ya kuma dace da launin na tsakiya, amma babu shi a Sakkwato. Injin zai iya ƙara hasumiya, ya jera tagogi, ya dasa dabino inda dogon yaro yake. Baƙo ba zai lura ba, ɗan gari zai lura nan take, kuma wanda za a haifa nan da shekara ashirin, shi ne abin tausayi, domin ba shi da hanyar sanin wanne ne gaskiya.

Cewa injin yana ƙaga jikin mutum ba hasashe ba ne, ya riga ya faru a idon duniya. A watan Janairun 2024 tashar Nine News ta ƙasar Ostareliya ta nuna hoton wata 'yar majalisar jihar Victoria, Georgie Purcell, a cikin labaran dare. A hoton asali doguwar farar riga ce a jikinta. A wanda aka nuna, rigar ta rabu biyu cikinta yana waje. Tashar ta ba da haƙuri, ta ce abin ya faru ne yayin da ake daidaita girman hoton, aikin kai-tsaye na Photoshop ya fitar da abin da bai dace da na asali ba. Adobe ya mayar da martani cewa irin wannan sauyi ba ya yiwuwa sai da sa hannun mutum da amincewarsa. Maganganun biyu ba sa karo da juna: inji ya yi zato, mutum ya karɓa bai duba ba. A maido da wannan gida, a ce hoton amarya ne da aka ɗauka daga kafaɗa zuwa sama, ko na wata Hajiya da mayafinta ya fita daga firam, aka ja ƙasa don ya cika kalanda. Injin da ya koyi sutura daga hotunan kasuwancin duniya ba shi da dalilin ɗauka cewa mayafin ya sauka har gwiwa. Abin da zai biyo baya a gidan mijinta ko na iyayenta ba abin da kalmar haƙuri ke gogewa ba ne.

Mai sana'a zai iya cewa, to ai hoton sutudiyo bai taɓa zama gaskiya tsantsa ba. Iyayenmu sun tsaya gaban labulen da aka zana wa benaye da jirgin sama, sun riƙe rediyon da ba nasu ba; Seydou Keïta na Bamako da irin waɗannan kayan aro ya yi suna a duniya. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na ganin laifin faɗaɗa bangon hoton biki. Sai dai labulen sutudiyo bai taɓa ɓoye kansa ba. Kowa ya kalle shi ya san labule ne, wanda aka ɗauka kuma da ƙafarsa ya je ya tsaya gabansa. Faɗaɗawar inji an gina ta ne musamman don kada a gane ta, kuma yawanci mai hoton bai san an yi ba. Malaman wannan gari sun daɗe da warware irin wannan matsala a fagensu. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin hannu, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu, ya ga yadda matani ke zaune a tsakiyar shafi, ƙarin bayanin mai karatu ko mai kwafi kuma yana gefe, da ƙananan haruffa, wani lokaci a karkace. Ba a hana ƙari ba. An dai ba shi wurinsa, yadda ba za a ɗauki maganar almajiri a jingina wa mawallafi ba.

Wani kuma zai ce a yi haƙuri, injin yana ƙara ƙwarewa, nan gaba kaɗan zai san aska takwas ya san naɗin rawani. Mai yiwuwa ne, kuma lallai kaifi da haɗuwar launi sun inganta tun 2023. Amma ƙwarewar tana rage kuskuren da ido ke kamawa ne kawai. Ko injin ya haddace kowace riga da aka taɓa ɗinkawa a ƙasar Hausa, ba zai san wadda mutumin nan ya sa ran nan ba, ba zai san wanda ke tsaye a damansa da firam ya yanke ba. Yatsu shida da injin kan zana wa hannu da haruffan banza, duk da muninsu, suna yi mana gargaɗi. Ranar da suka ɓace, gargaɗin ne ya tafi, zaton yana nan. Ana kuma ambaton Content Credentials, wato bayanin da Adobe ke iya liƙa wa fayil don nuna an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a cikinsa. Tsari ne mai amfani tsakanin manyan kafafen labarai. A nan kuwa hoto yakan bi ta WhatsApp sau uku, a ɗauki hoton fuskar waya, a kai shi ga firinta, kuma irin wannan bayani ba ya tsira daga wannan tafiya. Leda da tawada ba sa ɗaukar bayanin fayil.

Saboda haka ne nake ganin a raba aiki gida biyu tun daga bakin ƙofa. Hoton ado, wanda ba a nemi ya tabbatar da komai ba, a faɗaɗa bangonsa yadda ake so, matuƙar ƙarin bai taɓa jikin mutum, suturarsa, rubutu ko sanannen gini ba. In gefen ya yanki ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi wani hoton daga wanda ya ɗauka, tunda mai waya ba ya ɗaukar guda ɗaya, ko a rufe wurin da rubutun banar, ko a sa hoton cikin firam a tsakiya a yi wa gefe ado da kowa zai gane ado ne. Hoton shaida kuwa, na jarida, na taron siyasa inda faɗin jama'a shi ne labarin, na gini ko fili da ake jayayya a kansa, na aikin da ɗan kwangila zai kai ofis, ba a ƙara masa ko fiksel ɗaya. Gasar World Press Photo ta haramta irin wannan ciko a hotunan da ake shigarwa, kuma tun kafin zuwan waɗannan injuna an yi ta sukar mujallar National Geographic saboda ta matso da wata dalar Giza kusa da 'yar'uwarta a bangonta na Fabrairun 1982, don kawai hoto mai faɗi ya shiga shafi mai tsayi. Matsalar siffa ce ita ma, irin ta mai bana.

Tsofaffin hotuna su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin suna farawa a matsayin ado su ƙare a matsayin shaida. Iyali za su kawo ɗan ƙaramin hoton kakansu baƙi da fari, wataƙila an ɗauke shi a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, gefensa ya cinye, suna son a girmama shi a rataye a zaure. Injin zai cike inda ya cinye da soraye da dawaki da mutane masu kama da na lokacin, kuma zai yi kyau ƙwarai. Bayan 'yan shekaru takardar asali ta ɓace, wanda aka faɗaɗa ya shiga Facebook da sunan tsohon hoton Sakkwato, ɗalibin tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya tsince shi ya sa a kundinsa. Mai shagon da aka kawo wa irin wannan aiki zai iya cike gefen da launin toka mara zane, ya bar tsagewar takardar ta fito yadda take. In iyalin sun nace sai an cike, ya ajiye fayil ɗin PSD da leyoyinsa ba tare da ya haɗe su ba, ya ba su kwafin asalin da ya ɗauka da sikana tare da wanda aka gyara, sannan ya rubuta a ƙasan wanda za a rataye, da ƙananan haruffa, cewa an ƙara gefen dama da na hagu da kwamfuta, da shekarar da aka yi.